Shafin aiki ya fitar da ni ina tsakiyar rahoto, in danna `Log in` ko in dakata?

Ummu_Hanan: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina dutin dare, shigar da bayanai ta Chrome a kwamfuta. Na yi kusan minti 40 ina cike fom ɗaya mai tsawo, sai wani akwati ya fito a kansa da `Session expired`. Rubutun yana nan a baya, ban taɓa komai ba. In danna `Log in` da ke cikin akwatin, ko akwai wata hanya? Kuma me ya kawo haka alhali hannuna bai bar kwamfutar ba?

Dan Fagge: Danna F5 kawai Hajiya, ni haka nake yi.

Malam Injiniya: Kada ki danna F5, shi ne zai share fom ɗin. Akwatin ma bar shi tukuna. Idan za ki iya kaiwa ga rubutun, shiga kowane gurbi mai dogon bayani, Ctrl+A, Ctrl+C, ki zuba a Notepad. Sannan Ctrl+T, ki buɗe sabon shafi a wannan tagar, ki shiga da kalmar sirrinki a can. Shafukan taga ɗaya kukis ɗinsu, wato 'yan bayanan da ke shaida kin shiga, ɗaya ne, don haka tsohon shafin zai amfana da sabuwar shigar. Ki koma masa ki danna `Save`. Amma kada ki buɗe `Incognito`, kukis ɗinsa daban ne, shigar can ba za ta kai ga fom ɗinki ba.

Dalili kuwa, sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ba ta ganin yatsunki. Abin da take ƙirgawa shi ne lokacin da burauza ta aika mata wani abu na ƙarshe. Rubutu a gurbi a kwamfutarki yake zaune sai kin danna `Save`. A wajenta minti 40 ɗin nan kin tafi shan shayi ne. PHP ma, yaren da ake gina shafuka da yawa da shi, idan ba a canza saitinsa ba, bayan daƙiƙa 1440, wato minti 24, yana iya share zaman, wato shigar da kika yi.

Sadiya Zinder: Ai in ana motsa linzamin kwamfuta ba ya fita.

Malam Injiniya: Wannan yana hana kwamfuta barci, 'yar uwa. Sai dai in shafin da kansa yana bugun sabar idan ya ga motsi, kuma ba kowane yake yi ba. Akwai ma agogo na biyu wanda ba ruwansa da motsi: yana farawa daga lokacin shiga, in wa'adin ya cika sai waje, ko kana tsakiyar kalma.

Baban Khalifa: Dabarar sabon shafin nan ba kullum take ci ba. Na yi ta daidai, na dawo na danna `Submit`, sai `419 Page Expired`. Rahoton awa biyu ya tafi, shugabar sashe ta ce sakacina ne, aka rubuta ban cika adadin ranar ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wanda bai taɓa asara ba ya daina ba mutane tabbaci.

Malam Injiniya: Allah ya mayar da alheri. Shi ya sa na fara da kwafi. Wannan saƙon na Laravel ne, wata manhajar gina shafuka: fom yana ɗauke da ɓoyayyar lamba ta tsohon zama, sabuwar shiga ta zo da wata, suka saɓa. A nan sai a buɗe sabon fom a liƙa abin da aka kwafa. Da ka danna Alt da kibiyar hagu nan take, wani lokaci burauza tana dawo da rubutun.

Baban Khalifa: "Wani lokaci." To ga shi nan.

Dan Fagge: Injiniya da Baban Khalifa, a kai ku gaban mai unguwa 😂

Hafsy_CS: A wurinmu an hana kwafar bayanan kwastoma zuwa Notepad, laifi ne babba. Ummu ki duba dokar wurinku. In akwai `Save draft`, duk minti 10 ki danna, yana ajiye aiki kuma yana sabunta agogon farko. Sannan kada ki gwada shiga ta waya yanzu, wasu manhajojin na'ura ɗaya suke yarda, ta biyu tana korar ta farko.

Sani Kwamfuta: An ɗauke muku wuta? In rauta ta mutu kin koma intanet ɗin waya, adireshin IP ya canza, wasu shafukan kuma nan take suke fitar da mutum. Ki sayi ƙaramar rauta mai batir, dubu 15 na sayi tawa.

Sadiya Zinder: Dubu 15 a wace shekara? Ƙanena sama da dubu 25 ya biya.

Ummu_Hanan: Wuta ba ta ɗauke ba. Na kwafi biyu daga guraben, akwatin ya tare sauran. Na buɗe sabon shafi amma lambar tantancewa ta ƙi karɓuwa sau biyu.

Hafsy_CS: Tsaya, kada ki ci gaba da gwadawa a rufe miki akawun. Lambar tana canzawa duk daƙiƙa 30, in agogon wayarki ya kauce ba za ta shiga ba. Mayar da shi kan saita kansa, ki jira sabuwar lamba.

Baban Khalifa: Ni tambayata, mintocin da mutum ke ɓatawa wajen sake shiga, wa ke biya? Mu da zarar an fitar da kai agogon duti ya tsaya.

Sani Kwamfuta: Mu ma haka. Har hutun yin sallah sai ka dawo ka tarar an fitar da kai, a cire maka minti biyar na neman lamba.