Lissafin ɗigon kwinin: ni ina samun 31, takardar amsa ta ce 42

Ummu Hanan (Gadarif):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, jarrabawar lissafin magunguna ta ƙarato kuma kaina ya ɗaure. Ni a Hartum na fara karatun jinya, da yaƙi ya tashi a 2023 muka dawo Gadarif gidan kawuna, karatu ya tsaya, littattafaina duk can na baro su. Da aka dawo karatu sai aka cusa mana darussa a gurguje, malamin ma ta waya yake turo tambayoyi, ga wuta ba ta zama, ga yarinya a hannu, mijina kuma yana Kasala sai ƙarshen wata yake zuwa. A gidan mu goma sha ne, ba inda mutum zai zauna ya yi karatu sai bayan isha'i. Gwaggona ce take koya mini lissafin, ta daɗe tana aikin asibiti.

Tambayar ita ce: mara lafiya mai kilo 54, an rubuta masa kwinin 10 mg/kg, kwalbar allurar 600 mg a cikin mil 2, a zuba a ruwan sukari mil 500 ya shiga cikin awa 4. Na samu miligiram 540, wato mil 1.8, wannan daidai ne. Amma ɗigo a minti ni 31 nake samu, takardar amsa ta ce 42. Ko dai malamin ne ya yi kuskure?

Sista Rabi (Bur Sudan):
Wa alaikumus salam 'yata. Rabin tambayar kika kawo mana. Babu wanda zai iya fitar da ɗigo a minti bai san irin igiyar ƙarin ruwan da za a ɗaura ba. Koma ki duba takardar, akwai wata lamba da kika tsallake, ko a ƙarshen tambayar ko a saman shafin. Sannan ki faɗa mini yadda kika bi kika samu 31.

Ummu Hanan:
Anti akwai wani abu a ƙasa, `20 gtt/mL`, amma ban yi amfani da shi ba saboda hanyar gwaggo ba ta buƙatarsa. Na raba 500 gida 4 na samu mil 125 a awa, sai na sake raba 125 gida 4, shi ne 31. Haka take yi tun kafin a haife ni kuma ba a taɓa kuka da aikinta ba.

Sista Rabi:
To ga inda gizo yake saƙar. Hanyar gwaggonki daidai ce, amma ga igiyar da ɗigo 15 ke cika mil ɗaya. Wannan 4 ɗin da take rabawa da shi ba daga sama ya faɗo ba, minti 60 ne aka raba da 15. Tambayarki ta ce igiyar mai ɗigo 20 ce, kuma 60 a raba da 20 uku ne. Raba 125 gida uku, za ki ga 41.7, shi ne 42 ɗin malaminku.

Amma ni ba na so ki shiga jarrabawa da gajeriyar hanya tukuna. Ki fara tambayar kanki, ɗigo nawa ne gaba ɗaya a cikin ledar? Mil 500, kowane mil ɗigo 20, ɗigo 10,000 ke nan. Minti nawa aka ba ki? Awa 4, minti 240. Sai ki raba ɗigon a kan mintocin.

```
500 × 20 ÷ 240 = 41.67
```

In kin bi ta nan ba yadda za a yi ki manta da lambar igiya, domin ba za ki iya ƙirga ɗigon ledar ba sai da ita. Kuma ki duba abin da 31 ɗinki zai yi a kan gado: ɗigo 10,000 a kan 31 a minti zai ɗauki kusan minti 322, awa biyar da minti ashirin da 'yan kai. Kwinin kuwa duk awa 8 ake maimaita shi, kin ga kin ci lokacin hutun da ke tsakani.

Abu Yasir (Jidda):
Ƙanwata kar ki wahalar da kanki. Inda nake aiki a nan babu mai tsayawa yana ƙirga ɗigo, na'ura ce, ka danna 125 ka tafi. Ki riƙe mil a awa kawai ya wadatar. Ni abin da ya dame ni ma, mun sha wahalar haddace waɗannan abubuwa, mun zo nan an sake sa mu jarrabawar lasisi, kuɗin tantance takardu kaɗai sai da na ci bashi, ga jiran wata da watanni kafin a amsa maka. Wanda ya yi mini hanyar aikin ma har yau bai cika alkawarin da ya ɗauka ba.

Sista Rabi:
Abu Yasir, Allah Ya warware maka, amma yarinyar nan a Gadarif take. Da damina in zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗaki, na'urori nawa kake zaton za ta samu? Agogon hannunta ne na'urarta. Kuma jarrabawar ɗigo aka tambaye ta.

Maman Walid (Mai Wurno):
Ni ba ma'aikaciyar jinya ba ce, ƙanwata ce take karatun, amma don Allah ku riƙa kula. Bara aka kwantar da mahaifiyarmu a wani asibiti, aka ɗaura mata wannan ruwan da magariba, kafin mu idar da isha'i leda ta kusa ƙarewa. Sai ga ta tana gumi tana rawar jiki, kunnuwanta na ƙara, muka yi ta neman mai duba ta ba kowa. Da aka zo aka auna aka ce sukarinta ne ya sauka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bashir Kasala:
Allah Ya ƙara mata lafiya. Ni a ganina tambayar ce ma ta tsufa. Yanzu atesunet ake fara bayarwa ga zazzaɓi mai tsanani, 2.4 mg/kg, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma 3 mg/kg. Me ya kawo kwinin? Sannan in za a bi gaskiya ai ruwan ba 500 ba ne, 501.8 ne tunda an zuba mil 1.8 a ciki. Kuma mu an koya mana ba a ƙara wa magani, 41.67 sai a mayar 41.

Sista Rabi:
Bashir, maganar atesunet gaskiyarka ce, amma ranar da babu shi kwinin za a ɗauko, kuma malamai suna son sa a jarrabawa domin tambaya ɗaya tana gwada abu uku: nauyi, jan allura, da gudun ruwa. Batun 501.8, lissafa da shi ka gani, 41.8 za ka samu, amsar ba ta motsa ba. A leda babba ba a damuwa da shi, sai a ƙaramin ruwa irin na jarirai ko na sirinji. Zancen mayarwa 41 kuwa ka haɗa abu biyu. Ɗigo ba ya rabuwa, ana kai shi ga cikakkiyar lamba mafi kusa, 41.67 kuwa ya fi kusa da 42. Abin da ba a taɓawa shi ne mil 1.8 ɗin. Wanda ya ce bari ya juye kwalbar duka tunda saura kaɗan, ya ba mai kilo 54 maganin mai kilo 60.

Abin da Maman Walid ta faɗa shi ne dalilin da ya sa nake matsa wa Ummu Hanan. Kwinin yana saukar da sukari, in ya shiga da gudu kuma yana taɓa bugun zuciya, ya kuma sa jini ya faɗi. Ƙa'idarsa kada ya wuce 5 mg/kg a awa. Zubin farko da ake ninkawa, 20 mg/kg a awa 4, yana kan iyakar daidai, babu rarar ko kaɗan. Yanzu ki juya kuskurenki: a ce igiyar hannunki mai 15 ce, ke kuma kin saita 42 saboda kin haddace 42. Ledar ɗigo 7,500 ce, za ta ƙare cikin kusan awa 3. In zubin farko ne, kin kai wajen 6.7 mg/kg a awa, kin ƙetare iyaka. Shi ya sa ba lambar ake haddacewa ba, ledar igiyar ake dubawa kafin a yage ta, a jiki ake rubutawa.

Ummu Hanan:
Anti na ji, amma gaskiya hanyar nan mai tsawo tana cin lokaci, kuma ba a tabbatar mana za a bari mu shiga da kalkuleta ba. Ni raba gida 4 ya zauna mini a kai. Na nuna wa gwaggo ta ce ita ko yanzu da ido take saitawa kuma ruwa yana ƙarewa a kan lokaci. Ba zan iya ce mata hanyarta ba daidai ba ce, a gidanta nake cin abinci.

Sista Rabi:
Ban ce ki ce mata komai ba. Idonta ya shekara yana kallon kwalbar ɗigo, naki bai yi ba, mai gyaran takarda kuma ba ya ganin ido. In gajeriyar kike so ki riƙe uku: igiya mai 15 a raba gida 4, mai 20 gida 3, ta yara mai 60 ba a rabawa, mil a awa shi ne ɗigo a minti. Ga biyu ki gwada, ki rubuto yadda kika bi. Na ɗaya, yaro an rubuta masa mil 44 a awa da igiyar yara mai 60. Na biyu, wannan ledar kwinin ɗin, kin dawo bayan awa 2 kin tarar saura mil 350 maimakon 250. Ɗigo nawa zai sa ta ƙare a kan lokaci?

Bashir Kasala:
Na ɗaya 44. Na biyu 350 × 20 ÷ 120, ya ba da 58.

Abu Yasir:
Lissafin daidai ne amma a wurinmu in ka ƙara gudun magani da kanka don ka cike gibi, takardar tuhuma za ka sha. Likita ake kira. Ni in na ga wannan a jarrabawa "sanar da likita" zan zaɓa.

Sista Rabi:
Ya danganta da abin da aka tambaya. In an ce lissafa, 58 ne. Kuma a wannan zubin na 10 mg/kg, abin da ya rage a ledar 7 mg/kg ne, a awa 2 ya zama 3.5 a awa, bai kai iyaka ba. Da zubin farko ne zai zama 7, ba za a taɓa ba. A ɗaki kuma kafin komai sai a duba me ya rage gudun, ko hannu ya lanƙwashe ko wurin allurar ya kumbura. Bashir, ba kai na ba wa tambayar ba.

Abu Yasir:
Ko bai kai iyaka ba, Sista, ba hurumin nas ba ne. A nan dai ban yarda ba.

Ummu Hanan:
To yanzu wanne zan rubuta in ta fito, 58 ko a kira likita? Na ɗayan ma ni 11 na samu, ban gane dalilin da zai sa yaro ƙarami ya sha ɗigo fiye da babba ba, 44 ya yi mini yawa. Cajina ya kusa ƙarewa, in an kawo wuta zan turo sauran tambayoyin, akwai wata ta dofamin da ko farkonta ban kama ba.