Na buɗe fot 80 a rauta, amma shafina ba ya buɗuwa daga waje

Umar: Assalamu alaikum. Na ɗora ɗan shafin shagon ɗinkin Mamanmu a wata tsohuwar laftof. Na sayi domen, na cike `A record`, wato inda ake haɗa domen da lambar IP, a `Port Forwarding` na tura fot 80 zuwa `192.168.0.50`. A waifai ɗin gida yana buɗewa, da datar waya kuwa sai ya yi ta juyawa. Rautar mai sim ce. Don Allah ina kuskuren yake?

Sadiya: Wa alaikumus salam. Sabon domen yakan ɗauki sa'o'i kafin ya kama ko'ina, ka ba shi zuwa gobe. Amma dai ba lambar 192 ɗin nan ka sa a `A record` ba ko? Ita ta cikin gida ce kawai.

Umar: A'a Anti, ta waje na sa. Yau kwana huɗu ke nan.

Malam Bashir: To ba jira ba ne, ƙanena. Shiga shafin rautar ka duba `WAN IP`, sannan a laftof ɗin ka rubuta wannan don ka ga lambar da ake ganinka da ita daga waje:

```
curl -4 ifconfig.me
```

In lambobin biyu sun zo ɗaya, sai mu koma kan `firewall` na laftof. In sun bambanta, musamman ta rautar ta faɗo tsakanin `100.64` da `100.127`, kana bayan `CGNAT`. Kamfanin layin ya haɗa ku da yawa a adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne: ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma makullin zaure yana hannun mai gida. Baƙo daga waje ko rautarka ba ya isowa.

Umar: Wallahi haka ne. Ta rautar ta fara da `100.72`, ɗayar kuma da `102`.

Nasiru: Ni kyamarorin shagona haka suka yi min, na sa `DuckDNS`, shi ke nan.

Malam Bashir: Alhaji, naka adireshi ne na kanka da yake sauyawa, shi kuwa `DuckDNS` bin sauyin kawai yake yi. Umar ba shi da nasa ma tukuna. Ko dai ya tambayi kamfanin ko suna ba da `public IP`, ko ya bar batun fot ya yi `Cloudflare Tunnel`. Laftof ɗin ce za ta fita ta kama sabar Cloudflare, masu ziyara su biyo ta wannan igiyar. Sharaɗin shi ne ya mayar da `nameservers` na domen ɗinsa wurinsu.

Sadiya: Ni abin da ya fi damuna wuta ce. Laftof tana da batir, rauta fa? Ana ɗauke wuta shafin Mama ya tafi. Hotunan ɗinki da lambar waya, ai gara a ɗora su a `GitHub Pages` kyauta.

Umar: Akwai ɗan wurin karɓar oda da ke rubutawa a rumbun bayanai, Anti, shi ya sa. Malam, `Tunnel` ɗin nan zai jure in datar ta yanke ta dawo?

Malam Bashir: Yana sake haɗuwa da kansa, in ka girka manhajarsa `cloudflared` a matsayin `service`. Gwada da daddare ka faɗa mana.