Tambaya: ResNet50 ɗina haddace hotuna yake yi, ba koyo ba

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku agaza min, kwana 5 ke nan ina fama. Hotunan ganyen albasa 380 gare ni, ni na ɗauko su da salula a garake nan wajen Tawa, kashi 3 ne, mai lafiya, mai tabo, da wanda ƙwari suka ci. Na ware 80 na gwaji.

Na ɗauko ResNet50 na ImageNet cikin Keras, na sa `base.trainable = False` na horar da kan kawai, gwaji ya tsaya 78% ya ƙi motsi. Sai na buɗe shi duka da Adam a 0.001, nan fa abin ya lalace, zagaye na 6 horo ya kai 99% gwaji ya faɗo 55%, `val_loss` sai hawa yake. Na jujjuya hotunan, na sa Dropout, na duba `preprocess_input` ma yana nan, duk banza. Abin da ya fi ci min rai, duk hoton da jar ƙasa ta fito a bayansa sai ya ce mai tabo ne, alhali ganyen lafiyarsa lau.

Da hotuna 300 kacal, daga ina ya kamata in buɗe shi, `conv5` kaɗai a 1e-5 in bar BatchNormalization a daskare, ko kuwa?