Neman shawara: mayar da fassarar littafin injin matse man gyaɗa zuwa Turanci don gano kurakurai

Malam Habibu, Kano: Assalamu alaikum. Mun sayi injin matse man gyaɗa mai aiki da lantarki, mun kuma ba da littafinsa an fassara mana daga Turanci zuwa Hausa domin ma'aikatanmu. An ba ni shawarar in sa a mayar da Hausar zuwa Turanci, a gwada da na asali kafin mu buga. Shin wannan ya wadatar a tabbatar babu kuskure, kuma yaya ake yinsa?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Hanya ce mai kyau, kuma ba ta da wahala. Ka koma wurin wanda ya yi fassarar ka ce ya mayar maka da ita Turanci, tunda shi ya fi kowa sanin abin da ya rubuta. Idan biyun suka zo daidai, sai ka buga littafinka.

Malama Rabi, mai aikin fassara: Malam Garba, ka yi haƙuri, a nan za mu saɓa. Wanda ya yi fassarar farko ba zai karanta Hausar da ke gabansa ba, Turancin da ke kansa zai sake rubutawa, don haka sharaɗin farko shi ne a ba wani mutum dabam wanda bai taɓa ganin littafin asali ba. A gaya masa ya bi jimla bayan jimla, kada ya gyara komai, kuma duk inda Hausar ta ɗauki ma'ana biyu ya rubuta duka biyun maimakon ya zaɓi wadda ta fi shiga hankali. Bayan haka mutum na uku, wanda ya san inji, ya jera rubutu ukun gefe da gefe, ya yi alama a wuraren da ma'ana ta canza kaɗai. Bambancin salo ba kuskure ba ne, kuma wanda ya tsaya kirga shi zai ɓata kwanakinsa a banza.

Abin da wannan hanya take kamawa da kyau shi ne abin da aka tsallake, da "kada" da ya ɓace, da matakan da aka sauya wa jeri, da umarnin da aka rage wa ƙarfi. Misali, littattafan irin wannan inji sukan ce a katse wuta daga babban makunni, a sa masa kwaɗo, a jira sandar matsewa ta daina juyawa, sannan a buɗe murfin kariya. Idan mai fassara ya taƙaita wannan da "a kashe injin kafin a buɗe murfi", jimlar Hausa ce lafiyayya, babu mai karantawa da zai ga aibinta. Amma da zarar an mayar da ita Turanci za a ga matakai uku sun koma ɗaya, kuma matakin kwaɗon nan shi ne yake hana wani ya zo ya kunna injin hannun abokin aikinsa yana ciki.

Inda take makancewa kuma shi ne inda ya fi damuna da injinka, Malam Habibu. Kana da man gyaɗa da yake fitowa, da man giya da ake zuba wa akwatin giya, da giris na boris, ga kuma man janareta idan da shi kuke aiki, kuma dukkansu ana iya kiransu "mai". A ce fassarar ta ce "a duba mai kafin a tayar da inji". Mai mayarwa, idan gwani ne, zai dubi babin ya gane man giya ake nufi, ya rubuta daidai abin da ke cikin na asali, sai rubutu biyun su dace sarai, a wuce wurin. Gwanintarsa ce ta rufe kuskuren, alhali ma'aikacin da zai karanta da asuba yana iya leƙa tankin janareta ya ce ya duba. Haka nan fassarar da aka yi kalma da kalma, wadda Bahaushe ba zai fahimta ba, ita ce ta fi komawa Turanci sumul. An san hanyar mayarwar ne tun farko a binciken da ake yi da takardun tambayoyi tsakanin al'ummu, inda wani mai bincike, Richard Brislin, ya yi rubutu a kanta a 1970. Ƙa'idar aikin fassara ta ISO 17100 kuwa abin da ta wajabta shi ne mutum na biyu ya gwada fassarar da rubutun asali kai tsaye.

Malam Yusufu, Maraɗi: Ni abin da ya same mu a nan bai shafi kalmomi ba, lambobi ne. Littafin famfonmu da Faransanci ya zo, kuma a Faransanci waƙafi ake sawa inda Turanci yake sa ɗigo, wato 1,5 yana nufin ɗaya da rabi. Mai fassara ya kwafe lambobin yadda suke, mai mayarwa ma ya kwafe, komai ya dace, sai wani bakanike da ya yi karatu a Najeriya ya ga 1,250 ya karanta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Ku sa mutum ɗaya ya bi lambobi da ma'auni kawai da fensir, tsakanin Hausar da littafin asali, ba ta hanyar mayarwa ba.

Injiniya Lawal: Ina goyon bayan Malama Rabi, sai dai ban ga dalilin biyan kuɗin mayar da littafin gaba ɗaya ba. A mayar da babin kariya, da na tayarwa da tsayarwa, da na fitar da tunkuza idan ta toshe injin, da jadawalin shafa giris da canjin man giya. Babin garanti da jerin kayan gyara ba sa buƙata.

Akwai abu biyu da mayarwa ba za ta taɓa nuna maka ba. Na farko, rubutun da ke jikin injin. Idan a maɓalli an rubuta `EMERGENCY STOP` ko `RESET`, dole littafin Hausa ya bar sunan yadda yake, ya yi bayani a gefensa, domin ma'aikaci da idonsa zai nemi maɓallin. Idan aka fassara sunan aka jefar da na asali, zai dawo Turanci daidai, amma mutum zai tsaya gaban allon yana neman abin da babu shi. Haka ma `DANGER`, `WARNING` da `CAUTION`, matakai ne uku na haɗari daga mafi tsanani zuwa mafi sauƙi, kada a bar su duka su zama "gargaɗi".

Na biyu, Turancin da kake ɗauka na asali yana iya zama shi ma fassara ce, tunda da yawa daga cikin injunan nan daga Sin ko Indiya suke zuwa, kuma na Sin galibi da Sinanci aka fara rubuta littafinsu. Idan kuskuren yana can, zai shiga Hausa ya dawo lafiya. Maganinsa shi ne a katse wuta, a sa kwaɗo, a ba ma'aikaci ɗaya da bai san injin ba littafin Hausar, ya karanta da ƙarfi yana nuna kowane abu da hannu, ku kuma ku yi shiru kuna rubuta duk inda ya tsaya ko ya nufi wurin da ba shi ba.

Malama Rabi: Gwajin gaban inji na yarda da shi ƙwarai, Injiniya, amma ban yarda a tsallake jerin kayan gyara ba. Sunan da aka ba wani ƙarfe a jerin dole ya zama shi ne sunansa a babin gyara, kuma na sha ganin abu ɗaya da suna uku a littafi guda. Ko ba a mayar da jerin ba, a ciro sunayen a takarda ɗaya a bi su shafi shafi.

Malam Habibu: Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, a wurare da yawa "mai" kawai aka rubuta, kuma lambar man giyar, ISO VG 220, ba ta fito a Hausar ba sam. Abin da ban gane ba shi ne, idan mai fassara da mai mayarwa suka saɓa a kan jimla, maganar wa za a ɗauka?

Injiniya Lawal: A abin da ya shafi injin, ka rubuta wa wanda ya sayar maka ka tambaye shi, ka kuma ajiye amsarsa a rubuce. A abin da ya shafi Hausar, ka sa ma'aikata biyu su karanta jimlar daban daban, kowa ya faɗi abin da zai yi.