Kwastoma ta ɗora hoton kayanmu: ta yaya kuke nemo irinsa, kuma yaya kuke neman izini?

Mai Jakunkuna:
Assalamu alaikum jama'a. Abu ne ya same ni, har yanzu yana cina a rai. Wata kwastoma ta sayi jaka a wurina, ta ɗora hoto a Instagram tana riƙe da ita, ta yi tagin ɗin shafina. Don murna na ɗauki hoton allo na sa a shafina, na rubuta sunanta a ƙasa. Kwana biyu sai ga saƙonta, ranta a ɓace. Ashe a gefen hoton akwai 'yarta sanye da kayan makaranta, bajon makarantar ya fito ƙuru-ƙuru. Ni idona na kan jaka, ban ma ga yarinyar ba. Ta ce ta ɗora ne don mutanenta, ba don dubban da ba ta sani ba. Na goge, na ba ta haƙuri, amma tun ranar ba ta sake saya ba. Ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke yi tun daga nema har zuwa ɗorawa?

Mai Takalma:
Hajiya, ni a ganina ba ki yi laifi ba. Wanda ya yi miki tagin ai so yake ki gani, kuma kin sa sunanta. Shekara uku ina yin haka, babu wanda ya taɓa yi mini magana. In dai shafin mutum a buɗe yake, ai ya riga ya yarda a gani.

Mai Ɗaukar Hoto:
Ɗan'uwa, yarda a gani daban, yarda a ɗauka a yi kasuwanci da shi daban. Sa suna ladabi ne, ba ya zama izini. Kuma haƙƙin hoto yawanci na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda ke cikinsa ba. Na taɓa ɗaukar wata mata hotuna, ta ɗora, wani kamfanin kaya ya tambaye ta ta ce to, suka sa a talla. Ni babu wanda ya tambaya, alhali hoton nawa ne. Kada a raina maganar: a 2013 masu taya alƙali yanke hukunci a New York sun ba mai ɗaukar hoto Daniel Morel dala miliyan 1.2 a kan kamfanin dillancin labarai na AFP da kamfanin sayar da hotuna na Getty Images, saboda hotunan girgizar ƙasar Haiti ta 2010 da aka kwasa daga Twitter ba da izininsa ba.

Mai Kula da Shafuka:
Hajiya, sannu da wannan. Shafukan kamfanoni uku nake riƙewa, bari in faɗa miki yadda nake yi, ki ɗauki abin da zai yi miki.

Nema nake farawa da shi, Litinin da Alhamis, kamar minti 20. A Instagram ina duba sanarwar ambato da sashen hotunan da aka yi mana tagin, sai in bincika alamar # ta sunan kamfani. Story ne kawai ba ya jiran Litinin, domin awa 24 yake yi ya ɓace, shi kullum nake leƙawa da yamma. Amma mafi kyawun abin da nake samu sau da yawa ba a yi mana tagin a ciki ba. Mutum zai rubuta sunanmu ne kawai a cikin magana, wani lokaci a haɗe, wani lokaci ya ci harafi ɗaya. A X, wato tsohon Twitter, ga abin da nake sawa a wurin bincike:

```
("sunan kamfani" OR sunankamfani) -from:shafinku filter:images
```

Wannan `-from:` yana cire abin da ku kanku kuka wallafa, sai na mutane ya rage. Ki rubuta duk hanyoyin da ake kuskuren sunanki, ki ƙara su da `OR`. Google Alerts, mai turo sanarwa in an ambaci suna a intanet, na sa shi ma, amma shafukan yanar gizo yake kamowa, kusan ba ya ganin abin da ke cikin Instagram ko TikTok.

Duk abin da na samu ba na tura saƙo nan take. Jadawali nake sa shi a Google Sheets: adireshin wallafar, sunan shafin mutum, ranar da na gani, ranar da na tambaya, amsar da ya bayar, inda ya yarda a sa, da ranar da izinin zai ƙare. Sannan in buɗe hoton in faɗaɗa shi da yatsu biyu, in bi kusurwa huɗu. Yaro, fuskar wani da ba shi ya ɗora ba, lambar mota, lambar gida, takardar da ke manne a kwalin kaya mai ɗauke da adireshi da lambar waya. Wannan ta kwalin ita ta fi yawa, musamman a bidiyon buɗe kaya. In na ga ɗaya daga ciki, ko dai in bar hoton, ko in faɗa a cikin saƙon cewa zan yanke wurin.

Mai Jakunkuna:
Malam, da na yi wannan faɗaɗawar da ban shiga abin da na shiga ba. To saƙon fa, me kake rubutawa? Ni in na tura wa wanda ba ya bin shafina, shiru nake ji.

Mai Kula da Shafuka:
Shirun nan sau da yawa ba ƙi ba ne, bai gani ba ne. Saƙon wanda mutum ba ya bi yana faɗawa cikin Requests, mutane kuma ba sa buɗe wurin. Ƙari a kan haka, Instagram saƙo ɗaya yake barinki ki tura kafin mutum ya karɓa, don haka kada ki ɓata shi a kan "Sannu" kawai. Ni sai in fara yin sharhi a ƙarƙashin hoton, in gode, in ce na turo saƙo a duba. A cikin saƙon kuma komai a dunƙule. Ga wanda na tura watan jiya ga wani da ya ɗora bidiyon agogo:

"Barka da yamma. Ni ne mai kula da shafin kamfanin da ka sayi agogon nan, mun ji daɗin bidiyon da ka ɗora ranar Talata. Muna so mu sa shi a shafinmu na Instagram da na Facebook, da sunan shafinka a jiki, na tsawon wata 6. Ba za mu sa shi a tallan da ake biya ba. Za mu yanke daƙiƙa 3 na farko inda adireshinka ya fito a kwali. Kai ka ɗauki bidiyon da kanka? In ka yarda ka amsa da 'Na yarda'. Duk ranar da ka ce a cire, za mu cire."

Ya amsa washegari, ya ce shi ya ɗauka, ya yarda, amma kada a sa sunansa. Na ɗauki hoton allon hirar yadda tambayata da amsarsa da kwanan wata suka fito a hoto ɗaya, na ajiye kusa da layinsa a jadawali, na rubuta "ba suna". Sannan na roƙe shi ainihin bidiyon daga wayarsa, domin wanda aka sauko da shi daga shafi ya riga ya dushe. In mutum bai amsa ba, kwana 5 nake jira, in tuna masa sau ɗaya a sharhi. Ya sake shiru, sai in rubuta "a'a" in wuce.

Inda na taɓa ƙonewa shi ne maganar talla. Wata ta yarda mu ɗora hotonta, bayan wata biyu abokin aikina ya ga hoton ya samu karɓuwa sai ya sa masa kuɗi. Matar ta wayi gari fuskarta na bin mutane da tambarin Sponsored. Gaskiyarta ce da ta yi faɗa, ba wannan ta yarda da shi ba. Tun lokacin na buɗe gurbi na musamman a jadawalin, "talla: eh ko a'a", kuma babu mai danna Boost, maɓallin mayar da hoto talla, sai ya duba shi.

Mai Sabulu:
Ni ma abin da ke damuna ke nan. Wasu shafuka suna sace hotunan kayana su sa a nasu kamar su suka yi, har kwastomomi suna tura musu kuɗi. Na sa tambari a jikin hoto, suna yankewa. Yaya zan yi da su?

Mai Ɗaukar Hoto:
Anti, taki matsalar ta juya ce, ke ake ɗaukar wa. Instagram da Facebook suna da fom na kai ƙarar keta haƙƙin mallaka, ki cika shi da adireshin hotonki na asali da na wanda ya sata. Tambarin kuma ki sa shi ya ɗan hau kan kayan, ba a kusurwa ba.

Mai Takalma:
To Malam, na ji maganar hoton allo. Amma in mutum ya ambace ni a Story, manhajar da kanta take ba ni `Add to your story`. Kuma tun 2025 Instagram ya kawo maɓallin Repost. Nan ma sai na rubuta wasiƙa? Kafin ya amsa ai awa 24 ta wuce.

Mai Kula da Shafuka:
A nan kana da gaskiya rabi. Waɗannan maɓallan suna barin abin a hannun mai shi: sunansa na jiki, in ya goge nasa na Repost ɗin ma ya tafi. Ni in kaya ne kawai a Story, ba fuska, ina dannawa in tura godiya. Amma da zarar zan adana shi a Highlights, to ya fita daga awa 24 ɗin da mai shi ya yi niyya, sai na tambaya. Bidiyon da ke da waƙa kuma ka yi hattara: mai bidiyon ba shi da ikon ba ka izinin waƙar wani. A TikTok shafin kasuwanci daga Commercial Music Library, rumbun waƙoƙin da aka yarda a yi kasuwanci da su, ake so ya ɗauki sauti, shi ya sa nake karɓar bidiyon ba waƙa.

Mai Jakunkuna:
Ni kam bayan abin da ya faru, ko Story ne in da fuska sai na tambaya, ko da zai ɓace kafin a amsa. Jiya na buɗe jadawalin, na samu wallafa 7, biyu ba su ma yi mini tagin ba. Ɗaya na bari saboda akwai yara, na tura wa shida. Biyu sun yarda, uku shiru har yanzu. Ta shidan ta ce ta yarda in zan rage mata kuɗi a jaka ta gaba. Ban ba ta amsa ba tukuna.

Mai Kula da Shafuka:
Ni na kan bayar in talla zan yi da hoton, ban da haka ba na yi, don kada yabo ya koma na saye.

Mai Ɗaukar Hoto:
Ni kuwa na ce ki ba ta, Hajiya. Da ni kika kira in ɗaukar miki wannan hoton, ai biyana za ki yi.