Neman shawara: wasan rediyo ɗaya, harsuna uku

Hadiza, Gumel: Assalamu alaikum. An ba ƙungiyarmu wasan kwaikwayo na minti 12 kan adana wake a buhun PICS, wato buhu mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, rubuce da Turanci. Ana so mu fitar da na Hausa, da na Faransanci don abokan aikinmu na Damagaram, mu kuma gyara na Turancin. Mun fassara Hausar layi-layi, ta kai minti 16, 'yan wasa kuma sun ce maganar ba ta zama a baki. Ta ina za mu kama?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Hajiya, ku ajiye fassarar nan tukuna. Ku ɗauki takarda guda ku rubuta abin da ba zai canza ba a kowane harshe: wake ya bushe sarai kafin a zuba, a duba ledoji biyun na ciki ko akwai huji, a matse iska a ɗaure kowace leda daban sannan a ɗaure buhun waje, ba a zuba magani, ba a kuma yawan buɗewa. Ku ba malamin gona ya duba ya amince. Duk abin da ba ya cikin takardar nan, suna ne ko raha ko gaisuwa, kuna da ikon sauya shi.

Daga nan sai ku ba 'yan wasa labarin kowace fitowa a baki, su yi ta da Hausarsu, ku ɗauka a waya, sannan ku rubuta. Ɗauki wurin ɗaurin buhu. Na tabbata a Turancin malamin gona ne ke jero bayani shi kaɗai. Mai sauraro ba ya ganin buhun, don haka a sa uwa tana tsaye kan ɗanta: "Danna, iska ta fita. Murɗa bakin. Lanƙwasa. To ɗaure." Ya ce ya gama, ta ce, "Ina! Ta ciki kaɗai ka ɗaure, saura biyu." Ana jin ƙarar leda a bayansu. Yaron ya tambaya me zai kashe ƙwarin tunda ba magani, ta ce numfashi suke yi kamar kowa, in iskar ciki ta ƙare shi ke nan. An faɗi matakin, an faɗi dalili, ba wanda ya yi lacca.

Ƙarar leda, kukan awaki da hayaniyar kasuwa ku ɗauke su daban da muryoyi, don ku yi amfani da su a duka ukun.

Auwalu Mai Shago: Ni dai ina ganin ku rage gaisuwa kawai, ita ke cin lokaci. Kuma a ina ake samun buhun na gaske? Wanda na saya bara, bera ya huda min shi.

Malam Sabo: A rage, amma kada a cire. Baƙo ya shiga gida ba sallama, manomi zai ji wasan ba nasa ba ne. A fara fitowar ana ƙarshen gaisuwa, "to madalla", a wuce. Maganar beran kuma ta shiga takardar: a ɗora buhu kan katako, nesa da bango.

Ramatu, Maigatari: Anti Hadiza, ku tambayi mutanen Damagaram wa zai saurari Faransancin. Manoman can Hausa suke ji. In don su ne, Hausa ta biyu kuke buƙata, domin awo da kuɗi sun bambanta. Mu muna cewa kwano ko mudu, su tiya. Jaka a wurinmu naira 200 ce, a wurinsu sefa 1,000. Ɗan wasa ya ce "jaka goma", kowane ɓangare lissafinsa daban. Gara a bar farashi gaba ɗaya, ai kafin a maimaita shirin ya canza. A ce an sayar da wake da kaka da araha, an sake sayensa da bazara da tsada, kowa ya gane. Shi kuwa Faransancin, wanda ya tashi a Nijar ya rubuta shi daga waccan takardar da jerin fitowa, a karanta da ƙarfi ana duba agogo, don yakan fi Turanci tsawo.

Hadiza, Gumel: Na gode ƙwarai. Akwai wasan taubasai tsakanin mutum biyu a Hausarmu, shi ne ya fi ba da dariya. Ya za mu yi da shi a Turanci?

Malam Sabo: Ku mayar da su maƙwabta masu gasar noma. Wanda bai san taubasantaka ba zai ɗauka zagi ne.

Ramatu, Maigatari: Malam, a nan ban bi ka ba. Masu jin Turancin yawancinsu 'yan Najeriya ne, layi ɗaya ya isa ya nuna ɗan mace ne da ɗan namiji. Anti, ku ɗauki fitowar iri biyu, ku kunna wa waɗanda ba Hausawa ba, ku ji abin da za su ce.