Wace kalma za mu ba `wpm` a takardar koyar da masu karanta labarai?

Rabi'atu: Assalamu alaikum. Ina fassara wata 'yar takardar horo ta sababbin masu gabatar da shiri a rediyo, gobe da hantsi za a buga. Babi guda kacokan a kan yadda ake ƙiyasta tsawon magana daga yawan kalmomi ne, da yadda ake rage rubutu ya shiga lokacin da aka ware masa. Lokacin da aka ware na sa masa "gurbi", kuma ya zauna. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne `wpm`, wato yawan kalmomin da mutum ke furtawa a minti ɗaya. Ya fito sau goma sha wani abu, ba zan yi ta maimaita dogon bayani ba. Na sa "saurin karatu" amma bai kwanta mini ba.

Malam Sada: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta miki ba. Wanda ya ji "saurin karatu" zai ɗauka ana nufin yaro mai saurin ɗaukar darasi, ko mai karanta littafi a zuci. Karatun zuci kuwa ya fi na baki gudu nesa ba kusa ba, kuma nan ne sababbi suke faɗawa rami: su duba takarda da ido, su ce minti biyu ce, su shiga ɗakin watsa shiri ta ci uku. Ki sa "kalma a minti". Ana iya cewa "tana yin kalma 130 a minti", ba sai an ƙara komai ba.

Nafi'u: Ni a wajen koyon kwamfuta na san shi. Me zai hana "saurin bugu"? In mutum na yin 40 an ce ya iya.

Malam Sada: Wancan na buga rubutu ne, Nafi'u, kuma a can kowane bugu biyar ake lissafawa kalma ɗaya. Baki muke magana a kai, ba yatsu ba.

Kabiru: Ni dai ina ganin ba sai an wahala ba. Ƙa'idar da aka sani a gidajen rediyo ita ce kalma uku a sakan ɗaya. A rubuta "uku-a-sakan" a wuce wurin.

Hajiya Turai: Ƙa'idar tana nan, Kabiru, amma don labaran Turanci aka yi ta, kuma ko a can kalma 180 a minti gudu ne na ƙwararre. Kada a ɗora ta a kan wanda bai auna kansa ba. Rabi'atu, 'yar uwa, kafin suna ki tabbata takardar ta faɗi yadda ake samo lambar. Mai karatu ya ɗauki rubutu irin wanda zai karanta a shirin, kalma 200, ya karanta da ƙarfi da muryar da zai yi amfani da ita, da numfashi da tsayawa a kan aya, agogo na tafiya. A ce ya gama a sakan 92. Raba 200 da 92, a ninka da 60, ya ba da 130. Ya yi sau uku ya ɗauki na tsakiya, don na farko yakan zo da in'ina, na ƙarshe kuma ya riga ya haddace.

Yanzu ɗauki gurbi na minti uku, sakan 180. Ba duka ne na mai karatu ba. Cire taken buɗewa sakan 10, muryar wanda aka yi hira da shi sakan 35, sallama sakan 8, sannan a bar sakan 7 na ko-ta-kwana. Saura 120. Mai yin 130 yana da wurin kalma 260 ke nan. In ya bi uku-a-sakan zai rubuta 360, su kuwa za su ci masa sakan 166. Ya zarce da sakan 46, mai kula da na'ura ya datse shi ana tsakiyar jimla.

Kabiru: To na ji. Amma dai a manyan kanun labarai uku-a-sakan tana aiki.

Hajiya Turai: Ga mai sauri, a sakan ashirin, ƙila. Kuskuren ba ya nuna kansa sai rubutu ya yi tsawo.

Danjuma: Ku tsaya, na samo. "Taku." Kamar takun doki ko takun tafiya. "Takun karatu." A ce takunta 130 ne, takunsa ya yi sauri, rage taku. Gajere ne, namiji ne, yana ɗaukar ɗafi ba gardama. "Kalma a minti" kuwa ba suna ba ne, jimla ce aka gutsure. Ta yaya za ka ce nawa? "Kalma a mintina"?

Malam Sada: Wannan hujjar taka ta ɗafi tana da ƙarfi, ban musa ba. Sai dai taku ba ya faɗin me ake ƙirgawa. Ɗalibi ya ga "taku 130", ɗari da talatin na me?

Alhaji Bawa: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuna neman kalmar Hausa amma kun cika ta da minti da sakan. Ina daƙiƙa? "Kalma a daƙiƙa" ita ce Hausa. Wannan ɗabi'a ta kwaso Turanci a lanƙwasa masa baki ita ke sa ake raina harshen nan, har yaranmu na jin kunyarsa.

Rabi'atu: Ranka ya daɗe, daƙiƙa minti ce ko sakan?

Alhaji Bawa: Minti ce mana. Haka take a asalinta.

Nafi'u: Mu kuwa sakan muka san ta. "Minti biyu da daƙiƙa talatin," haka ake faɗa a labarin wasanni kullum.

Malam Sada: Kun ga matsalar da idonku. A Larabci minti ce, a bakin Hausawa da yawa ta koma sakan. A hira ba laifi, amma a takardar lissafin lokaci saɓanin ninki sittin ne. Kuma Alhaji, da girmanka, ita ma daƙiƙar aro ce. Har "kalma" ɗin da muke jayayya a kanta daga Larabci ta zo.

Alhaji Bawa: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Ba za a haɗa shi da baƙon jiya ba.

Danjuma: Shi ya sa na ce taku. Ba Larabci ba Turanci, Hausa zalla. Amma da yake ba daga bakin wani farfesa ta fito ba, ba za a duba ta ba.

Hajiya Turai: Ba wanda ya ambaci farfesa, Danjuma. Ni damuwata ma ba sunan ba ce, kalmar da ake ƙirgawa ce. Kwamfuta fili take bi, duk abin da ke tsakanin fili biyu kalma ɗaya ce a wurinta. "Da" ɗaya ce, "tambaye-tambaye" mai gaɓa shida ita ma ɗaya ce. Waɗannan sukan rama wa juna a dogon rubutu. Lambobi ne ba sa ramawa. 1,250,000 kalma ɗaya ce a allo, a baki kuwa "miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin", takwas. Shekarar 2019 shida ce. Rubutun da kwamfuta ta ce 340 ne, in akwai lambobi shida irin waɗannan, zai iya zama 372 a baki. Don haka a rubuta kowace lamba da haruffa kafin a ƙirga.

Sai wani tarkon. 372 raba 130 ya ba da 2.86, sai yaro ya karanta shi minti biyu da sakan 86, ko ya ga 2.5 ya ce biyu da hamsin. A koya musu fitar da amsa a sakan kai tsaye:

```
372 ÷ 130 × 60 ≈ 172
```

Sakan 172 a gurbin da ke ɗaukar 120. Kalma 112 za su fita.

Rabi'atu: Wannan zan saka shi yadda yake. To shi fitar da kalmomin fa? Na sa "taƙaitawa".

Malam Sada: Taƙaitawa sake rubutu ne a dunƙule. Datsewa yanke wutsiya ne, abin da muke gudu. "Tacewa" kuma za a ji kamar hukuma ce ta hana faɗin wani abu. "Ragewa" ta ishe ki. Kuma ki gaya musu kalma 112 ba ta fita da tsintar ɗaiɗai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne na rubutun, sai an sadaukar da batu guda sukutum, galibi tarihin baya, ko sakin layin da ke faɗin abin da muryar hira za ta sake faɗa. Bayan nan a bi jimla-jimla. Duba wannan: "A wani labarin kuma, rahotannin da ke shigo mana yanzu haka na nuni da cewa ruwan sama kamar da bakin ƙwarya da aka tafka a daren jiya ya yi sanadiyyar rushewar gidaje 1,248." A allo 33, a baki 41. Mayar da ita: "Ruwan sama mai ƙarfi ya rushe gidaje fiye da dubu ɗaya a daren jiya." 14. An samu kalma 27, wajen sakan 12, daga jimla ɗaya.

Hajiya Turai: Ka yi aski har ka taɓa fata, Malam. Ka cire inda labarin ya fito, yanzu gidan rediyon ne ke rantsuwa da lambar. A mayar da "in ji" da sunan wanda ya faɗa, kalma huɗu ko biyar ne. Gidaje 248 ma ba abin zubarwa ba ne, "fiye da dubu ɗaya da ɗari biyu" ya fi adalci.

Malam Sada: Na yarda da "in ji". Ɗari biyun kuwa, mai sauraro ba zai riƙe ta ba.

Kabiru: Ko kuma kawai ya ƙara sauri kaɗan?

Hajiya Turai: Daga 130 zuwa 186 ba kaɗan ba ne. Kuma abin da sauri ke fara cinyewa a Hausa shi ne tsawon wasali da karin sauti, su ne kuwa ke raba kalma da kalma. Abin da ya fi: a ja layi a gefen sakin layi ɗaya da za a iya tsallakewa ba tare da labarin ya karye ba, a kuma rubuta a gefen sallama lokacin da dole a fara ta, a nan 2:52. In ya ga agogo zai kai bai iso ba, ya tsallake mai layin.

Danjuma: Kun ji ko? "Daga 130 zuwa 186." Da kin ce "ya ƙara taku" da kin huta.

Rabi'atu: Dare ya yi, ga abin da zan yi. A wurin lissafi da jadawali, "kalma a minti", cikakke. Na so in gajarta shi k/m amma ya yi kama da kilomita. A cikin bayani zan yi amfani da "takun karatu", in fassara shi sau ɗaya a farko. Minti da sakan suna nan. Gurbi da ragewa sun zauna.

Danjuma: Wato taku ya shiga amma ta ƙofar baya. To, ba komai.

Alhaji Bawa: Ku buga abinku. Ni dai a bakina daƙiƙa ce, kuma minti nake nufi.

Nafi'u: Tambaya ɗaya kafin a watse: in mutum biyu ne ke karanta labaran bi da bi, takun wa za a yi lissafi da shi?